Kafin Manaja Ya Sa Hannu: Yadda Ake Gyara Rahoton Ma'aikaci Mai Zafi

Duk ƙarshen shekara, a ma'aikatun gwamnati da bankuna da makarantu masu zaman kansu da kamfanonin sayar da kaya, akan zo lokacin da na sama zai zauna ya rubuta yadda na ƙasa da shi ya yi aiki. Ma'aikatan gwamnatin Najeriya sun daɗe da sanin wannan takarda da sunan fom ɗin APER. A da rahoton sirri ne, shugaba ya rubuta abin da ya ga dama ya jefa a fayil, ma'aikaci ba zai taɓa gani ba, sai dai ya ga an yi ta ƙarin girma ana tsallake shi. Kwamitin Jerome Udoji, wanda ya miƙa rahotonsa a 1974, shi ne ya ba da shawarar a koma rahoto a bayyane, wanda ma'aikaci zai karanta ya sa hannu. A 'yan shekarun nan kuma gwamnatin tarayya ta kama hanyar maye gurbin APER da sabon tsari mai suna PMS, wanda ya fi dogara ga ayyukan da aka yi yarjejeniya a kansu tun farkon shekara.

Fom yana canzawa, amma akwai wani fili da ba ya ɓacewa, wato inda aka bar wa shugaba ya yi sharhi da kalmominsa. A nan ne ake yin ɓarnar.

A ɗauki misalin wani kamfanin sarin kayan masarufi a Kano, mai manaja ɗaya da ma'aikata kamar talatin. A cikin Nuwamba wata babbar mota ta zo sauke kaya da sassafe, ta yi awa uku a ƙofar sito saboda mai kula da siton bai iso ba, makulli kuma yana hannunsa. Direba ya yi ta masifa, mai kamfani ya bugo waya ya wanke manaja tas. Bayan mako biyu aka kawo fom ɗin ƙarshen shekara, manaja ya ɗauki biro ya rubuta kamar haka:

“Malalaci ne, bai ɗauki aiki da muhimmanci ba. Kullum a makare yake zuwa. Lissafin kayansa kullum da kuskure, ba mutum ne abin dogaro ba. Ba ya girmama na gaba da shi. In ba zai canza ba, ya nemi wani wurin.”

Manajan ba maƙaryaci ba ne. An yi makara, an sami kuskure a lissafi, an kuma yi sa-in-sa. Matsalar ita ce babu jimla ɗaya a cikin biyar ɗin nan da mai kula da sito zai karanta ya san abin da zai yi dabam ranar Litinin. Wanda aka ce wa malalaci, ina zai fara gyara? Abin da ya rage masa shi ne ya musanta, ko ya haɗiye ya ƙullaci manaja, ko ya fara neman aiki a ɓoye. Ba hasashe ba ne wannan. A 1996 wasu masana biyu, Avraham Kluger da Angelo DeNisi, sun tattara ɗaruruwan sakamakon bincike kan tasirin faɗa wa mutum yadda aikinsa yake. Sun tarar a dunƙule yana taimakawa, amma a fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokutan aikin ma lalacewa ya ƙara yi. Bayanin da suka bayar shi ne, duk sa'ad da sharhi ya janye hankalin mutum daga kan aikin ya mayar da shi kan kansa da mutuncinsa, amfaninsa raguwa yake yi. Rahoton manajan nan, daga kalmar farko, mutuncin mutumin ya taɓa.

Gyara yana farawa da abin da ya fi sauƙi kuma aka fi tsallakewa: a ajiye takardar ta kwana biyu, sannan a koma mata riƙe da littattafan kamfani. Manaja ya bi jimlolinsa ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kansa, wannan abin da na gani ne ko hukuncin da na yanke? In na gani ne, yaushe, sau nawa, a ina aka rubuta?

Ya fara da “kullum a makare”. Rajistar sa hannun safe tana nan. A misalin namu, kamfanin ya yi kwanakin aiki 290 a shekarar, ana buɗewa ƙarfe 8:00, ana ɗaukar wanda ya wuce 8:15 a matsayin makararre. Da aka ƙirga, mai kula da sito ya makara sau 21. Ba kaɗan ba ne, musamman ga mai riƙe da makulli, amma 21 cikin 290 ba “kullum” ba ne. Abin da ya fi jan hankali, 16 daga ciki sun faɗo ne tsakanin Satumba da Nuwamba. Wato a watanni takwas na farko da Disamba gaba ɗaya sau biyar kacal ya makara. Wannan ya sauya tambayar baki ɗaya. Da ana tambayar me ya sa mutumin nan malalaci ne, yanzu ana tambayar me ya faru a Satumba.

Irin wannan tuntuɓe yana da tushe da aka sani. Ɗan Adam ya fi tuna abin da ya faru kwanan nan, don haka rahoton shekara yakan zama rahoton watanni biyu na ƙarshe. Akwai kuma abin da Edward Thorndike ya gano tun 1920, lokacin da ya duba yadda hafsoshin sojan Amurka suke auna waɗanda ke ƙarƙashinsu: in shugaba ya ga mutum da kyau a abu ɗaya sai ya ba shi maki mai kyau a komai, in ya gan shi da muni a abu ɗaya sai munin ya shafi sauran. Motar da ta yi awa uku a ƙofar sito ta shafa wa shekara guda baƙi.

Sai jimla ta uku, wadda ita ce mafi haɗari. “Ba mutum ne abin dogaro ba” idan aka faɗe ta kan mai riƙe da dukiyar mutane, kowa zai fassara ta da sata, ko da manaja bai nufi haka ba. Takarda kuma tana daɗewa a fayil fiye da fushin wanda ya rubuta ta. Wani manajan zai zo bayan shekara uku ya karanta, ba tare da ya san labarin mota ba. Don haka a nan ma sai a koma ga takardu. Ana ƙidayar kayan sito sau ɗaya a wata, sau 12 ke nan a shekara. Tara sun yi daidai da abin da ke littafi. Uku ne suka saɓa: katan 4 a Satumba, 11 a Oktoba, 7 a Nuwamba. Da akanta ya bi diddigi, sai aka ga katan 18 na Oktoba da Nuwamba sun fita ne da takardunsu na fitar da kaya cikakku, sai dai ba a shigar da su littafi a ranar ba. Huɗun Satumba kuwa ruwan sama ne ya lalata su, aka ware su gefe ba a rubuta ba. Babu katan ɗaya da ya yi ƙafa. Laifin da ake da shi na gaske ne, amma sunansa jinkirin shigar da takardu, kuma yana da magani.

To me ya faru a Satumba? Manaja da kansa ya san amsar, fushi ne ya rufe masa ita. A ƙarshen Agusta an ɗauke yaron da ke taimaka wa mai kula da sito aka mayar da shi wajen rabon kaya, a daidai lokacin da kamfanin ya kama ƙarin sito na biyu a wata unguwa. Mutum ɗaya ya koma yana buɗe ƙofa biyu da ke nesa da juna, yana sauke kaya, yana lodi, yana rubutu. Wasu daga cikin makarar da rajista ta nuna, yana can ɗaya siton ne. Wannan bai wanke shi duka ba, domin ranar motar barci ne ya kwashe shi, kuma bai taɓa zuwa ya ce aikin ya fi ƙarfinsa ba. Amma rahoton da ya ɓoye cewa an cire masa mataimaki an ƙara masa sito, rahoto ne da ya ɗora wa ma'aikaci laifin shawarar da shugabanni suka yanke.

Maganar rashin girmamawa ba ta buƙatar dogon bincike. Sau ɗaya ne, a taron ma'aikata na Oktoba, ya katse manaja ya ɗaga murya yana cewa ba laifinsa ba ne. In za a rubuta, a rubuta shi haka, da watansa. Jimlar ƙarshe kuwa, ta cewa ya nemi wani wurin, a goge ta gaba ɗaya. Barazana ce, kuma kora tana da nata matakan da ba a fom ɗin shekara ake bin su ba.

Saura abu ɗaya da rubutun farko bai ko waiwaya ba, wato abin da mutumin ya yi daidai. A shekarar babu kayan da suka lalace saboda wucewar wa'adi, domin shi ne ya tsara sito yadda kayan da suka fara shigowa su ne ke fara fita. Wasu manajoji suna jefa yabo a farkon rahoto don kawai su sanyaya zuciya kafin duka, ma'aikata kuma sun gane wannan dabara tuntuni. Yabon da ke da amfani shi ne wanda aka auna da ma'aunin da aka auna laifi, da misalinsa da adadinsa, saboda yana gaya wa mutum abin da zai ci gaba da yi.

Bayan wannan aiki, ga yadda sharhin ya koma:

“Daga Janairu zuwa Agusta aikinsa ya cika abin da ake buƙata. Ƙidayar kaya takwas duk sun yi daidai da littafi, kuma tsarin da ya yi na fitar da tsofaffin kaya da farko ya sa ba mu yi asarar kayan da wa'adinsu ya wuce ba a bana. Daga Satumba zuwa Nuwamba aikin ya ja baya ta fuska biyu. Ya makara sau 16, har da ranar da mota ta jira awa uku kamfani ya biya kuɗin jira. An kuma sami saɓani a ƙidaya uku a jere, jimlar katan 22. Bincike ya nuna babu kayan da suka ɓata, rashin shigar da takardu a ranar da kaya suka fita ko suka lalace ne ya jawo. A wannan lokacin an ɗauke mataimakinsa an ƙara masa sito na biyu, kuma hakan ya taimaka wajen matsalar, sai dai ya kamata ya sanar da ofis da wuri. A taron Oktoba ya katse shugaban taro da ɗaga murya. Ana so ya riƙa kawo ƙorafi bayan an ba shi dama ko a ofis.”

Mai karatu zai lura cewa wannan bai fi na farko laushi ba ta wajen gaskiya. Ya ma fi shi tsanani ta wani ɓangare, domin “malalaci” ana iya musanta shi da rantsuwa, amma sau 16 da katan 22 suna cikin littafi. Kowane laifi an faɗi lokacinsa, an faɗi abin da aka yi, an faɗi abin da ya jawo wa kamfani. Wannan jerin uku shi ne ƙashin bayan sharhin da ke aiki, kuma duk jimlar da ta rasa biyu daga cikinsu, mai yiwuwa ra'ayi ce kawai.

A nan ya kamata a yi gargaɗi kan ɗaya ramin, wanda a ƙasar Hausa ya fi na zafin yawan masu faɗawa. Manajan da ya huce yakan ji kunya, ya tuna mutumin yana da iyali, ko ya girme shi, ko unguwarsu ɗaya, sai ya goge komai ya rubuta “yana ƙoƙari, amma akwai buƙatar ƙara himma”. Kara ce, amma karar da ke cutar da wanda aka yi wa ita. Ma'aikaci zai tafi gida yana ganin lafiya lau, jinkirin shigar da takardu ya ci gaba, ranar da haƙuri ya ƙare a miƙa masa takardar sallama, shi kuma ya ɗauko rahotannin shekara uku da suka ce yana ƙoƙari. Wannan ɗabi'a ta ba kowa maki mai kyau don a zauna lafiya tana cikin manyan sukan da aka daɗe ana yi wa APER. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ma'aikacin da ba a gaya masa kayansa sun karkace ba, ba a kyauta masa ba.

Rabin aikin ke nan. Sauran rabin shi ne abin da za a yi daga yau, kuma a nan ne yawancin rahotanni ke mutuwa da kalmomi irin su “ya ƙara ƙwazo” ko “ya gyara halinsa”. Mataki na gaske yana da abin da za a yi, da wanda zai yi, da ranar da za a duba, da ma'aunin da za a gane an yi. Kada kuma su yi yawa. Biyu ko uku sun isa, domin mutumin da aka lissafa wa gyara goma ba zai san wanda ya fi damun shugabansa ba.

A misalin namu matakan suna iya zama kamar haka. Daga 2 ga Janairu, duk takardar fitar da kaya ko ta kayan da suka lalace za ta shiga littafi kafin a rufe sito a ranar, akanta zai duba kowace Asabar, kuma abin da ake nema shi ne ƙidayar Janairu da Fabrairu da Maris su zo babu saɓanin da ba a bayyana ba. Babban sito zai kasance a buɗe ƙarfe 8:00, in wani uzuri ya taso ya kira manaja kafin 7:30 don a aika da makulli na biyu, kuma makara kada ta wuce sau biyu a wata. Sannan, kuma wannan shi ne abin da ke bambanta rahoton adalci da na umarni kawai, a rubuta nauyin da ke kan manaja: zai samar da mataimaki a sito na biyu kafin ƙarshen Janairu, zai kuma ajiye makulli na biyu a ofis. A tsayar da ranar zama a ƙarshen Maris don duba inda aka kwana, a kuma faɗi a fili abin da zai biyo baya: in an cika sharuɗɗan, an rufe maganar, in ba a cika ba alhali kamfani ya cika nasa, za a ba da gargaɗi a rubuce kamar yadda dokar kamfanin ta tanada.

In manaja bai kawo mataimakin ba, ba shi da bakin tuhumar kowa a Maris. Shi ya sa wasu shugabanni ba sa son rubuta nasu ɓangaren.

Kafin a sa hannu, akwai gwaji biyu masu sauƙi. Na farko, a ba wani shugaba da bai san rigimar ba ya karanta sharhin a rufe makin da aka bayar, a ce ya ƙiyasta. In ya ce matsakaici alhali an ba da mafi ƙasƙanci, to ko dai makin na fushi ne, ko akwai hujjar da ba a rubuta ba. Na biyu, manaja ya buɗe rajistar ya ƙirga makarar sauran ma'aikata. In akwai wani da ya makara sau 25 aka rubuta masa “haziƙi”, to ba makara ake hukuntawa ba, mutum ake hukuntawa, kuma ma'aikata sun fi kowa saurin gano haka.

Sannan a zauna, su biyu, ƙofa a rufe. Ya fi kyau a ba ma'aikaci takardar kwana ɗaya kafin zaman, don kada ya karanta ta a gaban shugaba jikinsa na rawa. Manaja zai iya buɗewa da cewa, “Malam, ka ga abin da na rubuta. Akwai inda ka ga na yi kuskure a lissafi, ko abin da ban sani ba?” Ba mamaki amsar ta zama, “Yallaɓai, cikin ranakun nan akwai shida da ina can ɗaya siton ina sauke kaya, mai gadi shaida ne.” In an bincika haka ne, sai a gyara adadin ya koma goma, a rubuta dalili. Wannan ba ya rage wa manaja ƙima, kuma goman da suka rage yanzu ba mai jayayya a kansu. A bar wa ma'aikaci fili ya rubuta nasa bayanin, a kuma fahimtar da shi cewa sa hannu yana nufin ya gani ne, ko da bai yarda da kowace kalma ba. A aikin gwamnatin tarayya ma dokokin aiki sun tanadi cewa duk wani sharhi mara kyau da aka sa a rahoton ma'aikaci sai an sanar da shi a rubuce, domin ya sami damar gyarawa.

Hanyar tana da iyakarta. Da binciken akanta ya nuna katan 22 sun ɓace da gaske, maganar ta tashi daga fom ɗin shekara ta koma takardar tuhuma da kwamitin ladabtarwa, inda za a ba mutum damar kare kansa. Haka nan manajan da bai ajiye komai a rubuce ba tsawon shekara, ba zai iya ƙirƙiro ranaku da adadi a Disamba ba. Abin da ya dace shi ne ya rubuta iya abin da zai iya tabbatarwa, ya sayi ƙaramin littafi ya fara rubuta abubuwa daga Janairu, masu kyau da marasa kyau, yana kuma faɗa wa ma'aikaci a lokacin da suka faru. Mai kula da siton nan ya kamata ya ji maganar takardu tun ƙidayar Satumba, ba sai bayan wata uku ba.

Akwai kuma dalilin da ya wuce na kyautatawa. Tun bayan gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraron rigingimun aiki a Najeriya, har da ƙorafin rashin adalci a wurin aiki, kuma tana duba dalilin da mai kamfani ya bayar na sallamar ma'aikaci. In magana ta kai can, fayil za a buɗe. Takardar da ta ce “malalaci ne” ba ta tabbatar da komai, amma wadda ta nuna ranaku, da adadi, da taimakon da aka bayar, da wa'adin wata uku da aka ɗiba, hujja ce da alƙali zai iya dubawa.